60 ko 120? Hoton tambayar bekta da ya raba kan 'yan guruf

Assalamu alaikum jama'a, musamman 'yan sanawi na Makka da Jidda masu shirin Tahsili. Wannan hoton da kuke gani shi ne yake ta yawo a guruf-guruf, wani ya ɗauko shi a karkace har da inuwar babban yatsansa a gefe, Allah ya shirya. Rabin mutane sun ce kusurwar 60 ce, rabi sun ce 120, har an fara jin haushin juna. Yalla mu duba.

[A matso da hoton kusa]

u = ⟨2, −2, 0⟩
v = ⟨0, 3, −3⟩

Abu biyu ake so, kusurwar da ke tsakanin u da v, sai faɗin filin faralelogiram ɗin da suka zama gefunansa. Ku lura da mainos ɗin nan guda biyu, a hoton sun ɗan dushe.

Fili tukuna, don kusan kowa ya ci wannan. Kuros furodok, darbul ittijahi kenan a littafinku.

[A nuna layuka ukun ana rufe su ɗaya bayan ɗaya]

u × v = ⟨6, 6, 6⟩

Na tsakiyar ne kawai mai tarko, yana fitowa −6 sai mainos ɗin da ke gaban j ya juya shi. Tsawon wannan sabon bektan shi ne filin, rut na 36 + 36 + 36, wato √108, wato 6√3, kusan 10.39. Kalas, an gama da wannan.

To yanzu inda rigimar take. Tsawon u shi ne 2√2, na v kuma 3√2, ka ninka su ka samu 12. Masu cewa 60 ga abin da suka yi, suka ce ai tunda mun riga mun samu fili me zai sa mu sake wahala, sai suka ɗauko

|u × v| = |u||v| sin θ

suka raba 6√3 da 12, ya ba su √3/2, suka danna sin⁻¹ a kalkuleta ta ce 60. Kuma fa lissafinsu babu kuskure ko ɗaya har zuwa wurin danna maɓallin, shi ya sa suke ta rantsuwa.

[A nuna kalkuleta: sin 60, sannan sin 120]

Ku kalli allon da kyau. 0.866. Na biyun ma 0.866. Sayin ba ya bambance kusurwa da abokiyarta da za su haɗu su cika 180, kuma maɓallin sin⁻¹ ba zai taɓa ba ka amsar da ta wuce 90 ba ko ka kwana kana dannawa, haka aka gina shi. Ita kuwa kusurwar tsakanin bekta biyu tana iya kaiwa har 180. Ya'ani ka tambayi wanda rabin unguwar kawai ya sani.

Wanda ya san duka shi ne kos, ta hanyar dot furodok. 2 sau 0 sifili, −2 sau 3 ya ba da −6, 0 sau −3 sifili, ka haɗa su ka samu −6, sai ka raba shi da 12 ɗin nan da muka samu a tsawon u sau tsawon v.

cos θ = −6 / 12 = −1/2

Danna cos⁻¹, 120. Tun kafin ka taɓa kalkuleta ma, da zarar dot ya fito da mainos ka san kusurwar ta buɗe ta wuce 90, duk amsar da ke ƙasa da haka a cikin zaɓi ka soke ta kawai. Ni a ganina wannan ya fi duk wata dabarar da ake haddacewa amfani a jarrabawar da ake tsere da lokaci.

[Zanen faralelogiram, kibiyoyi biyu na fitowa daga lungu ɗaya]

Wani zai ce to malam ai ga 60 nan a cikin zanen. Eh tana nan, a lungun da ke maƙwabtaka, kuma shi ya sa filin bai canza ba ko da wacce ka yi aiki. Amma kusurwar u da v ita ce ta wurin da gindin kibiyoyin biyu suka haɗu, ba inda kan ɗaya ya taɓa gindin ɗaya ba. Da an juya v ya zama ⟨0, −3, 3⟩ sai dot ya koma 6, a nan ne 60 za ta zama daidai.

Masu samun 2.09 kuma, ba ku ɓata ba, kalkuletarku ce take kan Rad, ku mayar da ita Deg. In kuma kana so ka tabbatar da aikinka gaba ɗaya, ninka dot da kansa 36, haɗa da 108 na kuros, dole ya ba ka 12 sau 12, wato 144. In bai ba ka ba, koma kan hoton ka sake duba mainos ɗin nan biyu.