Hoton Jadawalin Bas a Wayata: Ƙarfe Nawa Zan Isa Tasha?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka daga Jamus. Yau Asabar, zan je tashar jirgin ƙasa, jirgina zai tashi ƙarfe 15:21. Ku matso ku ga hoton nan da na ɗauka jiya a matsayar bas ta unguwarmu, mu yi lissafin tare kafin in sa takalmi.

Bari in buɗa shi da yatsu. Kun ga takardar ta kasu gida uku. Na farko an rubuta Montag–Freitag, wato Litinin zuwa Juma'a, na tsakiya Samstag, Asabar ke nan, na ƙarshe kuma na Lahadi ne da ranakun hutu. Nan ne baƙo ya fi yin tuntuɓe. Ranar 3 ga Oktoba, ranar haɗewar Jamus, ko da Talata ta faɗo, gidan Lahadi za ka duba. Ni kaina na taɓa shan sanyi kusan minti arba'in a tsaye saboda wannan, shi ya sa nake jaddada muku.

To, lambobin da ke gefen hagu awoyi ne, kuma a nan agogon awa 24 ake bi, saboda haka 14 shi ne ƙarfe biyu na rana. A gabansa an jera 12, 32, 52. Waɗannan mintoci ne: bas na zuwa 14:12, 14:32 da 14:52.

Yanzu agogona 14:37. Daga ƙofar gida zuwa matsayar, tafiyar minti 6 ce a ƙafa, zan isa 14:43. Na 32 ya riga ya wuce, sai na 52. Cire 43 daga 52, saura 9. Jiran minti tara ke nan.

Sai tsawon tafiya. Ku dubi saman hoton, ga layi da ɗigo-ɗigo kamar carbi, kowane ɗigo matsaya ce. A gefen Bahnhof, wato tashar jirgi, an rubuta 23. Wannan ƙirgen daga matsayar da na ɗauki hoton ya fara, ba daga inda bas ya taso tun farko ba. Haɗa 52 da 23, ya ba ka 75. Awa ba ta wuce minti 60, don haka cire 60 ka ƙara awa ɗaya: 15:15. Tsakanina da jirgi minti shida kacal, kuma in an sami cunkoso a hanya shi ke nan. Da ina da babban akwati, wallahi da na 14:32 na bi.

Abu ɗaya kuma, ɗan'uwa, in za ka ɗauki hoton kada ka yanke ƙasan takardar. Can ake fassara ƙananan haruffan da ke manne da wasu mintoci, kamar bas ɗin da ke fitowa ranakun makaranta kaɗai. Ka nemi gültig ab ma, ranar da jadawalin ya fara aiki, domin a watan Disamba ake yawan sauya shi.

Kai, har 14:39 ta yi, jiran ya koma minti bakwai. Bari in ɗauki rigar sanyi mu fita.