Maki Nawa Za Ka Nufa a JAMB? Duba Shekaru Huɗu Kafin Ka Yanke

Duk shekara idan JAMB ta sanar da mafi ƙarancin makin shiga jami'a, sai ka ji ɗalibai a Gombe suna cewa an sauƙaƙa. A 2019 da 2020 maki 160 ne cikin 400. Daga 2022 zuwa 2024 ya tsaya a 140, a 2025 kuma ya koma 150. To ɗan'uwa, wannan makin bakin ƙofa kawai yake kai ka. Ƙasa da shi ba a yarda jami'a ta ɗauke ka ba, amma samunsa bai ba ka gurbi a kowane kwas ba.

Abin da za ka nema shi ne makin mutum na ƙarshe da aka ɗauka a kwas ɗin da kake so, a makarantar da ka cike, ko Jami'ar Jihar Gombe ce, ko ta Tarayya da ke Kashere, ko ATBU ta Bauchi. Ka duba sanarwar makarantar, sannan ka tambayi yayyenka da ke aji ɗaya zuwa aji huɗu a sashen. Kowane aji shekara guda ke nan.

Mu ƙaddara wata ɗaliba ce ke neman kwas ɗin kimiyya, ta bi ta tattaro na shekaru huɗu: 212, 228, 205, sai na bara 221. Misali ne na kafa, kowa ya nemo nasa.

Da maki 205 kaɗai ta ji, da ta kwanta da saura. Akwai kuma masu haɗawa su raba huɗu, su sami 216 da rabi. Ni ban yarda da wannan ba. Ku duba: mai 216 zai shiga a shekara biyu, a bar shi a waje a shekara biyu. Wa zai yi wata da watanni yana karatu a kan ko a samu ko a rasa?

Ga yadda nake yi. Ta ɗauki mafi girma, wato 228. Ta duba tazarar da ke tsakanin na sama da na ƙasa, maki 23 ke nan, wanda ke nuna yadda makin ke hawa da sauka gwargwadon yawan masu nema da wuyar jarrabawar shekarar. Ta ɗora rabin tazarar a kan 228, sai ya kusa 240. Nan za ta nufa.

Amma fa ta tabbata abu iri ɗaya take kwatantawa. Wasu makarantun suna haɗa makin JAMB da na jarrabawar tantancewa ko sakamakon WAEC, su fitar da jimilla cikin 100. Idan a jerinki kika ga 228 kusa da 61, kin gauraya mudu biyu. Sannan a jami'o'in tarayya kashi 45 na gurabe na cancanta ne, 35 na jihohin da ke yankin jami'ar, 20 na jihohin da aka bari a baya a karatun boko, kuma Bauchi da Gombe suna cikinsu. Don haka in yayanki ya ce da 205 ya shiga, ki tambaye shi ta wane kaso.

Yanzu 240 sai a rarraba ta. Turanci tambaya 60 ce, sauran darussa uku arba'in-arba'in, kowane darasi maki 100. A ƙiyasce, tambaya ɗaya a cikin masu arba'in ta kai maki biyu da rabi. Tunda ta fi ƙarfi a Bayoloji, ta sa 68, kusan tambaya 27. Kemistiri 62, kusan 25. Fiziks 55, tambaya 22. Turanci 55, wato 33 cikin 60.

Saura ta auna kanta. Ta zauna ta amsa tsofaffin tambayoyi sau uku, kowane zama awa biyu cif, ba leƙen littafi, ba ɗan dakatawa a duba waya. A ce ta sami 188, 196, 201. Giɓin kusan maki 40 ne daga zaman ƙarshe, kimanin tambaya 16. In saura mako 12, ƙarin tambaya ɗaya ko biyu a mako ya rufe shi, kuma daga darasin da ta fi zubar da maki za ta fara.

In kuwa a 160 take yawo, giɓin ya zama 80, kimanin tambaya 32 a wata uku. Nan sai ta koma ta tattaro makin shekaru huɗu na wani kwas makusanci, ta sake wannan lissafin tun kafin a rufe rajista.