Ajiya da Rance a Ƙungiyar Gama-Kai ta Wurin Aiki: Lissafin da Ya Kamata Ma'aikaci Ya Yi

Assalamu alaikum. Shugaban taro, iyayenmu da ke gab da ritaya, 'yan uwa ma'aikata maza da mata, ina yi muku barka da zuwa.

Yawancinku kuna cikin ƙungiyar gama-kai ta ma'aikatarku, wadda muka fi kira kofaretib, kuma kun san tsarinta: mutum ya cike fom, ya sayi hannun jari, ya faɗi abin da za a riƙa cire masa, ofishin albashi ya yanke tun kafin kuɗin su shiga asusunsa. Wannan yankewar daga tushe ita ce ƙarfin abin. A adashe sai ka miƙa zubi da hannunka, kuma wanda ya riga ya kwasa yana iya yin nawa. A nan kuɗin ba sa biyowa ta aljihunka balle ka yi musu wata hidima. Ba zan daɗe a kan wannan ba. Abin da ya kawo ni shi ne rance, domin a nan ne nake ganin mutanen kirki suna shiga matsi ba tare da wani ya cuce su ba, lissafi ne kawai ba su yi ba.

Mu ɗauki misali. Ma'aikaci ne da abin da ke shigo masa bayan haraji da fansho ya kai naira 150,000. Yana ajiye 15,000 duk wata. Bayan shekara guda yana da 180,000. Ƙungiyoyi da yawa suna ba mutum ninki biyu na ajiyarsa, saboda haka ya nemi 360,000 zai biya kuɗin haya. Aka ce masa za a ɗora kashi 10 cikin ɗari, ya biya a wata 12. Ƙarin ya kama 36,000, jimla 396,000, wato 33,000 kowane wata.

To ku lura da kyau. Kashi goman nan a kan kuɗin gaba ɗaya aka lissafa shi, kamar dai 360,000 ɗin za su shekara a hannunsa. Alhali tun watan farko ya fara mayarwa. Zuwa tsakiyar shekara rabi ne ya rage a kansa, a watan ƙarshe kuwa 30,000 ne kacal. In ka daidaita abin da ke hannunsa a tsawon shekarar, wajen 195,000 ne. Ƙarin 36,000 a kan 195,000 ya haura kashi 18 cikin ɗari. In kuma ƙungiyar tana cire ƙarin tun ranar bayarwa, 324,000 zai karɓa, nauyin ya ƙara hawa. Duk da haka ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan masu ba da bashi ta waya, waɗanda suke lissafi a wata ko a mako, kuma wani ɓangare na ƙarin zai dawo masa a rabon ribar ƙarshen shekara. Amma ina so mutum ya san farashin abin da yake saya. Kafin ka sa hannu, tambayi sakatare: a kan duka kuɗin ake lissafi, ko a kan abin da ya rage? Ana cirewa tun farko, ko ana rabawa cikin watanni?

Sannan ajiyarsa ta 180,000 ta zama jingina, ba zai taɓa ta ba sai ya gama biya. Wato rabin abin da ya ranta, a haƙiƙa, kuɗinsa ne. Shi ya sa nake cewa in buƙatarka ba ta wuce ajiyarka ba, kuma dokar ƙungiyarku ta yarda a cire wani abu daga ajiyar, ka fara duba wannan hanyar.

Yanzu mu koma takardar albashinsa. Biyan rance 33,000, ajiya ba ta tsaya ba, 15,000. An cire 48,000, saura 102,000. Ya tsaya daf da sulusin albashi, wato 50,000, kuma wannan ita ce iyakar da nake ba kowa shawara kada ya ƙetara. Inda ake faɗawa rami shi ne gabanin azumi, lokacin da motar shinkafa da suga da man girki ta tsaya a harabar ofis, ana sauke buhuna, ana kiran suna, kowa yana sa hannu a littafi. Mutuminmu ya ga abokan aiki suna ɗaurawa a bayan babur, shi ma ya karɓi kayan 120,000 a biya cikin wata shida. Ƙarin 20,000 ke nan a wata. Babbar Salla ta zo, ga rago. Kafin ya farga abin da ke shigo masa bai kai 70,000 ba, mafi ƙarancin albashin da aka tsayar a 2024, ga iyali, ga kuɗin mota. Ranar 10 ga wata sai ka gan shi yana neman bashi a waje don ya ci abinci. Wallahi wannan yana ci mini rai, domin ƙungiyar da aka kafa don ta raba shi da masu kuɗin ruwa ita ce ta mayar da shi hannunsu. Kwamitin rance da ya san aikinsa ba ya amincewa sai ya ga takardar albashi ta watan da ya gabata.

Na san da yawa a nan maganar kuɗin ruwa ce ta hana su shiga, kuma damuwarsu tana kan hanya. Ƙungiyoyi da dama a Arewa sun gyara tsarinsu: rancen kuɗi babu ƙari, riba kuma daga ciniki take fitowa. Ƙungiya ta sayi babur ko firji ko buhun siminti, ya zama mallakinta, sannan ta sayar maka da ribar da aka faɗa a fili, ka biya kaɗan-kaɗan. Wannan shi ne murabaha. Sharaɗinsa kayan su shiga hannun ƙungiya tukuna. In kuɗi aka tura maka aka rubuta "babur" a takarda, suna kawai aka sauya. Haka kuɗin hidima: in yana ƙaruwa da girman rance da tsawon lokaci, ku kai wa malamai su duba muku.

Sai maganar tsaya wa wani a kan rance. Abokin aiki zai kawo maka fom a tsaye, yana murmushi, ya ce "Yallaɓai, sa hannu kawai." Sa hannun nan ma'anarsa in ya bar aiki ko aka kore shi, za a fara cinye ajiyarsa, ragowar a raba muku ku da kuka tsaya masa. A misalinmu, in ya tafi bayan wata uku, ya biya 99,000, saura 297,000. Ajiyarsa a lokacin 225,000. In ku biyu kuka tsaya masa, gibin 72,000 yana kanku, 36,000 kowanne. Ka tambayi kanka ko za ka iya ɗauka, ka kuma tambayi sakatare mutum nawa ka riga ka tsaya wa. Ku tambaya kuma ko akwai tanadin yafe bashin wanda ya rasu, don kada a bi marayu.

Wata baiwar Allah ta aiko da tambaya a rubuce: ta yaya za ta gane kuɗinta suna nan? Hajiya, abu na farko, hukumar NDIC da ke ba ajiyar banki kariya, kariyarta ba ta shafi kuɗin kofaretib ba. Ku ne masu tsaron kuɗinku. Ki nemi ganin takardar rajista daga ofishin Daraktan Ƙungiyoyin Gama-Kai. Ki riƙa gwada abin da aka cire a takardar albashinki da abin da aka shigar a littafin ajiyarki, ko da sau ɗaya a wata uku. Yakan faru ma'aikata ta cire kuɗin amma ta riƙe, ba ta miƙa wa ƙungiya ba, kuma alamar farko ita ce rancen da ake samu cikin mako biyu ya koma sai an yi watanni ana jiran layi. Alama ta biyu, shekara ta zagayo babu babban taro, babu rahoton odita, shugabanni suna cewa a ƙara haƙuri. In kika ga haka, ki duba dokar ƙungiyarku, akwai adadin mambobin da in suka sa hannu dole a kira taron gaggawa. In an ƙi kira, ku rubuta wa ofishin Darakta ku nemi a binciki littattafai.

Shugaban taro ya nuna mini agogo. Na gode, wassalamu alaikum.