Hoton ya tafi, tambayar ta rage

Dubi wannan wayar. Wani kawu ne a Garwa ya fito daga asibiti da takardar magani, rubutun likita da Faransanci. Ya ɗauki hotonta ya tura ta WhatsApp wa ɗan ƙanwarsa da ke karatu a Marwa, ya bi da saƙon murya: "Ɗana, duba mini wannan, sau nawa zan sha a rana?"

Amma ka ga ɗan da'irar nan mai lamba 1 a ciki, kusa da inda ake rubutu? Yatsan kawu ya taɓa ta bai sani ba. Ita ce View once, gani sau ɗaya, wadda WhatsApp ya fito da ita a 2021. Hoton da aka tura ta wannan hanya ba ya sauka cikin ma'ajiyar hotunan wanda aka tura wa, ba a iya tura shi gaba, kuma idan ya yi kwana 14 ba a buɗe ba, ya tafi ke nan.

Yaron kuwa wayarsa ta fi kwana 14 a wurin mai gyara. Ranar da ya karɓo, muryar kawu na nan daram, hoto babu.

To me zai amsa? Faransancinsa bai ragu ba, ya san cp ƙwaya ce, j kuma rana. Sai dai amsar ba a kansa take ba, a kan takardar take. Likita zai iya rubuta 1 cp x 2/j, ƙwaya ɗaya sau biyu a rana, zai kuma iya rubuta 1 cp x 3/j, sau uku. Bambancin lamba ɗaya ce tak, kuma babu inda muryar kawu ta ambaci lambar nan. "Wannan" kawai ya ce, kamar mai nuni da yatsa, abin da yake nunawa kuma an ɗauke. Da ma yaron ya taɓa buɗewa ko sau ɗaya, da yana da abin da zai tuno. Bai taɓa gani ba.

Abin da ke damuna a nan shi ne kunya. Yaro ba ya son ce wa babba "ban gani ba", sai ya ce, "Kawu, galibi dai sau uku ake sha." Galibi! A kan maganin da ko sunansa bai sani ba.

Ga abin da zai ce: "Kawu, hoton bai tsaya ba. A sake ɗauka a wuri mai haske, takardar duka ta fito, kada a taɓa lambar nan ta 1. In kuma da sauri ne, a kai wa mai sayar da maganin ya karanta."

Takardar ai tana nan a ninke cikin aljihun kawu.