Darasi: Me Ya Sa Kiran Bidiyo Ke Sarƙewa Idan Wani Na Loda Fayil?

Jama'a barkanmu da warhaka. Kana cikin kiran bidiyo lafiya lau, sai wani da kuke kan intanet ɗaya ya fara loda babban fayil zuwa intanet. Nan take murya ta fara yankewa, ka yi magana sai bayan daƙiƙa guda a ji ka. Da yawa sai su ce a sayi intanet mai ƙarin gudu, alhali sau da dama ciwon ba a nan yake ba. Sunansa bufferbloat, sunan da injiniya Jim Gettys ya raɗa masa wajen 2010.

Ga yadda abin yake. Modem ɗinka na da rumbun jira, inda ƙullin data ke bin layi kafin su fita. Na'urar mai loda fayil kuwa ba ta sassautawa, ƙara gudu take ta yi har sai ta ga an fara zubar mata da ƙulli. To idan rumbun ya cika girma, ba a zubar da komai da wuri, layin ne kawai ke ta tsawo.

Mu yi lissafi. A ce gudun lodawarka megabit 10 ne a daƙiƙa, rumbun kuma megabait 1, wato megabit 8. In ya cika, duk ƙullin da ya shigo sai ya jira milisakan 800. Muryarka 'yar mitsitsiya ce, amma tana can ƙarshen layi. Hira kuwa da jinkiri ya wuce milisakan 150 take fara lalacewa.

Ku gwada da kanku. Ku buga wannan a terminal ɗin kwamfutarku, masu Windows kuma su ƙara `-t` a ƙarshe don kada ya tsaya bayan gwaji huɗu:

```
ping 1.1.1.1
```

Ku lura da lambar `time`, wato milisakan da ƙulli ke ɗauka ya je ya dawo. Sai ku fara loda fayil, ku zuba ido. In ta tashi daga 30 ta koma 600 ko fiye, kun kama ɓarawon.

Maganin shi ne SQM, wato tsarin da ke sarrafa layin jiran ƙulli a rauta. A rauta mai manhajar OpenWrt, ku girka `luci-app-sqm`, ku zaɓi `cake` a matsayin mai tsara layin. Ku auna gudunku lokacin da babu kowa a kai, sannan ku rubuta kashi 90 cikin 100. Ga mai megabit 10, sai ya sa `9000` a gurbin lodawa, domin da kilobit ake rubutawa. Kada ku ji ƙyashin wannan kashi 10, da shi kuke dawo da layin daga modem zuwa rauta, inda `cake` zai ba kowace hira layinta, ya riƙa fitar da ƙananan ƙulli irin na murya da wuri.

Sai dai a kula: intanet na 4G gudunsa na hawa da sauka. In ya faɗo ƙasa da lambar da kuka sa, layin ya koma modem ke nan. Ku rage lambar, ku maimaita gwajin `ping`, har sai lambar `time` ta daina tashi.