Laccar Magatakarda: Me Ake Rubutawa Idan An Tashi Taro?

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamai, iyayena, 'yan uwa magatakardan ƙungiyoyi, barkanmu da wannan lokaci.

Na shekara da dama ina riƙe da littafin ƙungiyar iyaye da malamai ta wata firamare a unguwarmu, kuma daga can zan ɗauko misalina. Wata rana muka zauna kan rufin aji biyu da iska ta yaye. Muka kwashe awa biyu ana magana. Na koma gida na cika shafi huɗu: wane ya ce, wance ta ce, shugaba ya yi bayani mai gamsarwa. A ƙarshe na rubuta: "An tattauna batun rufi, an amince a gyara." Da aka dawo taro bayan wata guda, ko ƙusa ba a saya ba. Ma'aji ya ce ba a ba shi izinin fitar da kuɗi ba. Shugaban kwamitin ayyuka ya ce shi a zatonsa hedimasta ne zai nemo kafinta. Aka ce magatakarda ya karanta abin da aka yanke. Na buɗe shafukan nan huɗu, babu layi ɗaya da zai raba gardama. Yara suka ci gaba da karatu a gindin bishiya, damina kuma ta kankama. Laifin nawa ne, kuma har yau abin na yi min ciwo.

To me ya kamata in rubuta? Ku saurara:

"Rufin aji biyu. An yanke a sayi kwano bandir huɗu da katako da ƙusa, kada kuɗin ya wuce naira 600,000 daga asusun ƙungiya. Mutum 14 suka amince, 3 suka ƙi. Shugaban kwamitin ayyuka zai kawo farashi daga shago uku kafin Asabar mai zuwa. Ma'aji zai fitar da kuɗin cikin kwana biyu bayan shugaba ya sa hannu."

Layi biyar ke nan, kuma duk wanda bai zo taron ba zai san abin da aka yanke, da wanda aikin ya rataya a wuyansa, da ranar da za a tambaye shi. A littafi na gaskiya kuma, kada ku ce "Asabar mai zuwa" kamar yadda na faɗa yanzu. Ku sa kwanan wata da sunan mutumin, domin wanda zai buɗe littafin baɗi bai san wace Asabar ba ce.

Akwai wata kalma a harshenmu da nake so ku yi hattara da ita, wato "za a". Za a gyara, za a duba, za a tuntuɓi hukuma. Tana da daɗi a baki saboda ba ta kama kowa, mu kuwa muna jin nauyin nuna dattijo da yatsa a gaban jama'a. Amma a littafi, duk inda ka ga "za a" babu suna a gefenta, aikin nan ba shi da mai shi. Maganin abin a cikin taron yake, ba a gida ba. Kafin shugaba ya wuce zuwa batu na gaba, ka ɗaga hannu ka ce: "Ranka ya daɗe, in karanta abin da na rubuta a ji ko daidai ne?" Ka karanta da ƙarfi. Nan take za ka ji wani ya ce ai shi dubu ɗari biyar ya ji, ba ɗari shida ba. Gara a warware a nan, kowa na zaune.

Wata baiwar Allah ta tambaye ni ɗazu a waje: gardamar fa, a zubar da ita? Hajiya, a taƙaita ta. Idan an ƙi kwano mai arha saboda yana saurin tsatsa, rubuta wannan dalilin a jimla ɗaya, don kada a sake tayar da zancen. Zafin baki da wa ya yi wa wa tsawa ba su da gurbi. Sai dai idan mutum ya ce a rubuta cewa shi bai amince ba, to haƙƙinsa ne, a rubuta da sunansa. Kuma kada a haɗa shawara da matsaya. "An kawo shawarar a ƙara kuɗin wata" daban, "an amince a ƙara" daban. Na ga rigimar da wannan kaɗai ya haddasa.

Saman shafi ba shi da wuya: rana, wuri, lokacin farawa, mahalarta, masu uzuri, da ko adadin da tsarin mulkin ƙungiya ya gindaya ya cika.

Ka tsabtace rubutun a daren ko washegari, tun kana tuna abin da gajerun kalmominka ke nufi, ka tura wa mutane su gani. A taro na gaba a karanta, a gyara, wani ya gabatar da ƙudurin amincewa, wani ya mara masa baya, shugaba ya sa hannu. Bayan nan ba a kankare komai. Idan kuskure ya ɓullo daga baya, a rubuta gyaran a bayanin sabon taro. Sannan a bi ayyukan nan ɗaya bayan ɗaya, kowa ya faɗi inda ya kwana.

Lokacin salla ya gabato. Mai tambaya ya ɗaga hannu, mu ɗauki biyu ko uku.