Keke, Bas ko Babbar Mota: Zaɓen Jarin Sufuri a Lokacin da Ba a San Yadda Gobe Za Ta Kasance Ba

Laccar da wani malamin tattalin arziki ya gabatar a Daura ga shugabannin ƙungiyoyin direbobi da 'yan kasuwa, an rubuto ta daga faifan taron.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena shugabanni, alhazai da hajiyoyi, 'yan'uwana malamai da ɗalibai, ina yi muku barka da zuwa.

Idan mai bas ya ce a cikin kwana ɗari motarsa tana kwana goma a gareji, maganarsa tana da tushe, domin ya daɗe yana gani yana ƙirgawa. Amma idan na tambayi wannan zaure kaso nawa cikin ɗari ake tsammanin za a rufe iyakar Kwangwalam ko ta Jibiya a shekara mai zuwa, duk wanda ya ba ni lamba ƙirƙirarta ya yi. An rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta na 2019, ba a fara buɗe su ba sai Disamba na 2020. An sake rufe tsakaninmu da Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, har zuwa Maris na 2024. Dalilan biyun ba su da alaƙa da juna, kuma aukuwa biyu ba ta isa a gina lissafi a kanta ba. Haka janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, wanda ya ninka farashin fetur fiye da sau biyu cikin 'yan kwanaki. Tun a 1921 masanin tattalin arziki Frank Knight ya raba haɗarin da ake iya aunawa da rashin tabbas wanda ba ya aunuwa, kuma maganarmu ta yau a kan na biyun take.

Mu ɗauki misali da na tsara don koyarwa. Wata ƙungiya a nan Daura ta tara naira miliyan 60, kuma tana da zaɓi uku: ta sayi kekunan Napep su yi aiki cikin gari, ko bas-bas masu jigilar fasinja zuwa Katsina da Kano, ko babbar mota guda mai ɗaukar kaya zuwa Nijar. Shekarar da ke tafe kuma tana iya zuwa da ɗaya daga cikin hali uku: ko dai komai ya tafi lafiya, ko fetur ya yi tsada sosai, ko a rufe iyaka. Ga ribar shekara da aka ƙiyasta wa kowanne, a miliyoyin naira, bayan an cire kuɗin mai da gyara da haƙƙin direba, kamar yadda na rubuta a allo:

Keke: 10 idan lafiya, 7 idan fetur ya yi tsada, 9 idan an rufe iyaka.
Bas: 18 idan lafiya, 4 idan fetur ya yi tsada, 14 idan an rufe iyaka.
Babbar mota: 26 idan lafiya, 12 idan fetur ya yi tsada, asarar 6 idan an rufe iyaka.

Direbobin da ke nan sun san dalilin da ya sa lambobin suka tsaya haka. Keke ba ya samun da yawa, amma mai zuwa kasuwa da mai zuwa asibiti ba su fasa hawa. Bas ya fi jin zafin fetur, domin idan aka ƙara kuɗin mota fasinja yakan rage tafiya, motar ta daɗe a tasha ba ta cika ba. Babbar mota gas take sha, kuma mai kaya ne ke ɗaukar yawancin ƙarin kuɗin dako, sai dai ranar da aka rufe iyaka hanyar da aka saye ta dominta ta toshe, ga albashi da gyara suna ci gaba.

Akwai ma'aunai uku da za mu bi wajen yin zaɓi a wannan allo. Ma'auni na farko shi ake kira maksimaks, kuma ba zan daɗe a kansa ba. Ana duba mafi girman ribar kowane zaɓi, wato 10 da 18 da 26, sai a ɗauki mafi girma a cikinsu. Babbar mota ke nan. Wanda ya bi wannan hanya ya kalli lamba ɗaya tak a kowane layi, ya rufe ido ga asarar miliyan 6 da ke zaune a gefenta. Ya dace da attajirin da wannan jari ɗan ƙaramin yanki ne na dukiyarsa, amma ban ga hujjar da shugaban ƙungiya zai kare kansa da ita ba idan ya yi amfani da shi a kan kuɗin jama'a.

Na biyu shi ne maksimin, wanda ake dangantawa da masanin lissafi Abraham Wald. A nan mafi munin sakamakon kowane zaɓi ake dubawa: keke 7, bas 4, babbar mota asarar 6. Sai a ɗauki wanda muninsa ya fi sauƙi, wato keke. Abin da wannan ma'auni yake ba ku alkawari ne mai ƙarfi, cewa a cikin halaye ukun nan duk wanda ya zo ba za ku samu ƙasa da miliyan 7 ba. Amma ku dubi abin da aka biya don samun alkawarin. Domin a tsare bambancin miliyan 3 da ke tsakanin 7 da 4, an bar miliyan 8 da bas zai fi keke idan shekara ta zo lafiya, an kuma bar miliyan 5 idan aka rufe iyaka. Ko da mafi munin ribar bas ta kai miliyan 6 da dubu 900, maksimin keke zai sake nunawa, domin ba ya ganin komai sai ƙasan layi.

Akwai kuma wata matsala da ta fi wannan zurfi. Alkawarin miliyan 7 bai wuce halayen da muka rubuta a allo ba. A watan Janairun 2013 gwamnatin Kano ta hana acaba a birni, kuma mutane da yawa da suka zuba kuɗi a babura ba su taɓa sa wannan hali a lissafinsu ba. Idan muka ƙara hali na huɗu, wato hukuma ta taƙaita zirga-zirgar keke, zaɓin da muke kira mafi aminci yana iya komawa mafi muni. Saboda haka aikin da ya fi cin lokaci shi ne zama da tsofaffin direbobi a tantance halayen da suka cancanci shiga allon, tun kafin a taɓa lissafi.

Ma'auni na uku, wanda Leonard Savage ya gabatar a 1951, shi ne minimaks na da-na-sani, kuma a nan nake so mu natsu. Tambayar da yake yi daban ce: idan shekara ta ƙare, kuka ga abin da ya faru, nawa kuka rasa saboda ba ku ɗauki zaɓin da ya fi dacewa da wannan halin ba? Ana bin hali ɗaya bayan ɗaya. Idan shekara ta zo lafiya, mafi kyau shi ne 26 na babbar mota, don haka mai keke ya rasa 16, mai bas ya rasa 8, mai babbar mota bai rasa komai ba. Idan fetur ya yi tsada, mafi kyau shi ne 12, mai keke ya rasa 5, mai bas ya rasa 8. Idan aka rufe iyaka, bas ne kan gaba da 14, mai keke ya rasa 5, shi kuwa mai babbar mota ya rasa 20, wato 14 ɗin da bai samu ba haɗe da 6 ɗin da suka fita daga aljihunsa. Kuskuren da ɗalibai suka fi yi a nan shi ne su kwatanta lambobin layi ɗaya da juna, alhali kwatancin tsakanin zaɓuɓɓuka ne a cikin hali guda. Alamar cewa an yi daidai ita ce kowane hali ya samu zaɓi ɗaya aƙalla mai sifili, kuma babu lamba ko ɗaya da ta faɗa ƙasa da sifili.

Yanzu sai a ɗauki mafi girman da-na-sanin kowanne: keke 16, bas 8, babbar mota 20. Mafi ƙanƙanta shi ne 8, don haka bas ya ci. Allo ɗaya, lambobi ɗaya, amma ma'aunai uku sun nuna motoci uku daban-daban, kuma babu wanda ya yi kuskuren lissafi a cikinsu.

Ina son wannan ma'auni na uku domin yana amfani da duk lambobin allon, kuma ya yi daidai da halin shugaban da zai tsaya gaban mambobi a ƙarshen shekara. Sai dai yana da aibin da ya wajaba ku sani. A ce wani dillali ya kawo zaɓi na huɗu, kekuna masu lantarki, waɗanda aka ƙiyasta musu 5 idan lafiya, 22 idan fetur ya yi tsada, 3 idan an rufe iyaka. Mafi girman da-na-saninsu 21 ne, don haka ba su za a ɗauka ba. Amma shigowarsu ta ɗaga mafi kyawun riba a halin tsadar fetur daga 12 zuwa 22, sai da-na-sanin bas a can ya tashi zuwa 18, na keke ya zama 15, wanda bai kai 16 ɗinsa na dā ba. Yanzu keke yana da 16, bas 18, kuma zaɓi ya koma kan keke. Ribar keke da ta bas ba su canja da ko kwabo ba, zaɓin da ba a ɗauka ba ne ya juya hukuncin. Wanda ya fahimci wannan yana iya karkatar da kwamiti ta hanyar cusa tayin da ya san ba za a karɓa ba, shi ya sa nake ba da shawarar kada zaɓi ya hau allo sai an tabbatar ana iya sayensa, ana samun kayan gyaransa da makanikinsa.

To wanne za a bi? Ra'ayina shi ne a fara da tambayar kuɗin wane ne, kuma wace riba ce idan aka faɗi ƙasa da ita ƙungiya za ta durƙushe. A ce rabin jarin bashi ne, ana biyan miliyan 6 duk shekara. Bas a shekarar tsadar fetur 4 zai kawo, bai isa biya ba, babbar mota kuma ba ma a maganarta, don haka keke kaɗai ya tsira, kuma a nan maksimin ya faɗi gaskiya. Idan kuwa kuɗin na mambobi ne, babu mai bin bashi, kuma za su iya jure shekara guda ta miliyan 4 amma ba za su jure asara ba, sai a cire babbar mota, a sake lissafa da-na-sani tsakanin biyun da suka rage. Mai keke zai iya rasa 8, mai bas ba zai rasa fiye da 3 ba, don haka bas ne.

A nan wani dattijo daga cikin shugabannin tasha ya tambaya: "Malam, ina matsayin jirgin ƙasan Kano zuwa Maraɗi da zai ratsa Daura da Katsina da Jibiya a wannan lissafi?"

Alhaji, Allah ya ƙara girma, wurinsa yana cikin jerin halaye, amma shigarsa tana tilasta mana mu tsawaita allon daga shekara ɗaya zuwa tsawon rayuwar motar, kamar shekara biyar ko bakwai. Idan jirgin ya fara aiki a cikin wannan tsakani, bas na dogon zango da babbar mota ne za su yi gogayya da shi, keke kuwa zai samu sabon aikin kai fasinja tashar jirgi da ɗauko su. Sai ku ƙiyasta wa kowane zaɓi ribarsa a wannan hali, ku haɗa da kuɗin da za a samu idan aka sayar da motar a ƙarshe, domin bas ɗin da hanyarsa ta mutu ana iya mayar da shi hanyar Zango ko Ɓaure, sa'annan ku sake bin matakan nan daga farko.